Mai Gabatar da Mai Gabatarwa

Yara tara ne kacal suka zaɓi ajin kimiyya a makarantarmu bana, cikin yara ɗari biyu da ke gama aji uku. Ƙa'idar ma'aikata kuwa ba ta da kunya: in ba su kai goma sha biyar ba zuwa ranar Juma'a, za a rufe ajin, a sa kwaɗo a ɗakin gwaje-gwaje, waɗannan tara ɗin a tura su ajin adabi ko suna so ko ba sa so. Ni ne malamin kimiyya, shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalaben ɗakin nan da hannuna, don haka ba sai na ce maganar ta hana ni sukuni ba.

Na yi wa yaran wa'azi har muryata ta dushe, ban ƙara ko mutum ɗaya ba. Sun riga sun gama yanke hukunci cewa kimiyya wahala ce zalla, lissafi da haddar sunaye masu karya haƙori. Sai na ce bari in kawo musu wanda zai nuna musu abin da ido. Wata huɗu ina bin wata injiniya mai duba lafiyar gadoji, ina kiran waya, ina aika saƙo, har ta gaji da ni ta ce za ta zo ranar Laraba. Shugaban makaranta ya ba mu minti arba'in, daga ƙarfe goma zuwa ƙararrawar fita hutu. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san ba a jayayya da wannan ƙararrawa, tana kaɗawa ko wa ke magana sai dai ya ƙarasa wa kujeru.

Na kira Injiniya na tambaye ta yadda take so a gabatar da ita.

Ta ce, "Malam, ka faɗi sunana daidai, ka faɗi aikina, ka zauna. Kada ka faɗa musu abin da guduma take yi, wannan nawa ne."

"Digirorinki fa?"

"Suna gida a bango, ba inda za su."

Na zauna na rubuta gabatarwa mai shafi ɗaya, ina jin kaina. Da yamma na kira 'yata, mai shekara goma sha uku, sa'ar yaran da za su saurara, na ce ta zauna in karanta mata. Ban kai layi na uku ba ta fara wasa da bakin hijabinta.

Na ce, "Ke, ina magana."

"Ina ji, Baba. Mene ne ƙwararriya a fannin nazarin ingancin gine-gine?"

"Mai duba ko gada za ta faɗi."

"To me ya sa ba ka ce haka ba?"

Na ji haushi, don gaskiya ta faɗa. Muka yi yarjejeniya: duk inda idonta ya bar fuskata, in soke wurin. Ta soke mini shekarar da Injiniya ta gama jami'a, ta soke tarukan da ta halarta, ta soke "abin alfahari ne a gare mu", wai kowa haka yake cewa. Da muka gama, shafina ya koma layi bakwai. Na karanta da agogo a hannu, daƙiƙa arba'in. A karo na ƙarshe ba ta ko ƙifta ido ba, da na yi shiru ta ce, "To sai me ya faru?" Nan na san na samu abin da nake nema.

Kuskurena ɗaya, na manta cewa a makarantarmu ba a yi wa yara magana a babban ɗakin taro sai takardar ta bi ta ofis an buga mata hatimi. Ofis kuwa yana nufin Mataimakin Shugaba, wanda tun kafin in zo makarantar ake kiransa Ƙamus. Mutum ne da ba ya cewa an yi ruwa, sai dai ya ce an samu saukar albarkatun samaniya. Shekara ashirin shi ke gabatar da duk baƙon da ya taka makarantar. An ce wani likita da ya zo bara waccan ya yi gyangyaɗi ana cikin karanta tarihinsa, da aka tafa ya farka ya taya tafi, bai san shi ake yi wa ba.

Ƙamus ya ɗaga takardata da yatsu biyu, ya juya bayanta ko akwai ci gaba.

"Malam, ina sauran?"

"Ita ke nan, ranka ya daɗe."

"Wannan ai saƙon waya ne. Mace mai digiri uku za ka tarba da layi bakwai? Kana so a fita da mu a ce ba mu san darajar ilimi ba?"

"Yara ne 'yan shekara sha uku, sha huɗu. In aka daɗe, hankalinsu zai tafi."

"Ya tafi ina? Ƙofa a rufe take."

Ya ce in bar masa takardar. Ranar Talata ta dawo mini shafi huɗu, da hatimin Shugaba a ƙasa, shuɗi shar. Ta fara da gaisuwa ga mutum goma sha huɗu bisa tsarin muƙami, har da ma'ajin ƙungiyar iyaye da kowa ya san ba zai zo ba. Sannan tarihin Injiniya tun daga firamare, da sunan kowane kwamiti da ta taɓa zama a ciki. Layukana bakwai babu ko ɗaya da ya tsira. Na shiga ɗakin gwaje-gwaje na rufe ƙofa na karanta da agogo: minti goma sha ɗaya, ban tsaya shan ruwa ba.

Na je wurin Shugaba. Shi mutum ne mai son zaman lafiya, irin son da ke sa kowa ya fito daga ofishinsa yana zaton shi ya yi nasara. Na ce masa ni na gayyato baƙuwar, ni ya kamata in gabatar da ita. Ya ce gaskiya ne. Ƙamus ya shigo ya ce shekara ashirin ba a taɓa taro bai riƙe makirufo ba. Shugaba ya ce wannan ma gaskiya ne. Ya juya biro a hannu, can fuskarsa ta washe.

"An gama. Malam zai gabatar da baƙuwa, da takardar da aka amince da ita. Kai kuma Mataimaki, sai ka gabatar da Malam."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai yaran sun san ni. Jiya ma na kore su daga bakin famfo."

"Sun san ka a aji. Ba su san ka a taro ba."

Ranar Laraba Injiniya ta iso goma saura kwata, da takalmin aiki mai ƙura da wata jaka da ta rinjayi kafaɗarta. Na karɓa zan taya ta, na ji kamar an cika ta da duwatsu. Ashe kusan hakan ne, guntayen kankare biyu ne a ciki da ƙaramar guduma. Ƙamus ya dube ta sama da ƙasa, ya leƙa bayanta yana neman baƙuwar. Da ya gane ita ce, sai ya rusuna ya ce mata barka da sauka a wannan farfajiya ta ilimi.

An jera yara ɗari biyu a benci, manyan malamai a kan dandamali bayan dogon tebur mai fararen ledoji da furannin roba. Goma ta buga, makirufo ya ƙi. Aka nemo batir, aka hura, aka ce "gwaji, gwaji" har sau shida. Goma da minti bakwai Shugaba ya miƙe don ya yi abin da ya kira 'yar gajeriyar maraba. A cikinta ya taɓo maganar zuwa a makare, da masu tsallake katanga, da wanda ya fasa gilashin tagar aji biyu, wanda ya ce ya san shi, yana ba shi dama ne kawai ya kawo kansa. Ya rufe da gabatar da shugaban ƙungiyar iyaye.

Shugaban iyaye ya ce shi ba mai dogon bayani ba ne. Gabana ya faɗi, don ban taɓa jin mai gajeren bayani ya faɗi haka ba. Ya ba da labarin yadda suke tafiya makaranta a ƙasa a zamaninsu, ya ce yaran yanzu an sangarta su. Goma da minti ashirin ya miƙa wa Ƙamus.

Ƙamus ya gyara tabarau, ya buɗe fayil. Wallahi fayil ɗina ne na aiki, na gane shi da tabon shayin da ke bangonsa. Ya gaida mutum goma sha huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya shiga ba yara labarin wani gwarzo, haziƙi, fitilar da ke haskaka duhun jahilci, wanda aka ɗauka aiki ranar kaza ga watan kaza bisa takarda mai lamba kaza. Sai da ya ambaci shekarar da aka ƙara mini mataki na tabbata ni ake nufi.

Ina zaune ina kallon yaran suna zamewa daga hannuna. Na gaba sun tallafe haɓa. Na tsakiya sun fara miƙa wa juna 'yan takardu. Na baya kuwa sun kifa kai a gwiwa, wani har da lulluɓa da rigar sanyi. A layi na uku na hango 'yar Ƙamus, yarinya mai shiru, wadda ta fi kowa maki a jarrabawata amma ubanta ya riga ya cike mata fom ɗin ajin adabi, wai lauya za ta zama. Ta sunkuyar da kai tana zane a bayan hannunta, kunyar duniya ta ishe ta.

Injiniya ta matso ta yi mini raɗa. "Malam, da na san kai babban mutum ne haka, ai da na sa takalmin kirki."

Ban iya dariya ba. Na dubi agogon bango, goma da minti talatin da ɗaya. Ƙamus ya ɗaga murya ya kira sunana da duk muƙaman da ban san ina da su ba, aka yi tafin da bai fi na mutum goma ba.

Na miƙe da shafi huɗu a hannu. Lissafin ba shi da wuya, ko ɗan aji ɗaya zai yi: minti tara suka rage, takardar minti goma sha ɗaya ce. In na karanta ta, babu mai tuhumata da komai, ƙararrawa za ta same ni a wajen kwamiti na biyar, Injiniya ta koma da duwatsunta ba ta ce uffan ba, ranar Juma'a a rufe ajina cikin mutunci da bin ƙa'ida. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, don hatimin Shugaba ba abin wasa ba ne ga mai iyali. Na ninke takardar biyu na sa a aljihu. Na ajiye makirufon a tebur, na sauko daga dandamali na tsaya dab da bencin gaba.

Na ce, "Wa ya bi ta kan gada a satin nan? Ɗaga hannu."

Hannuwa suka fara tashi a kasalance, ashirin, hamsin, har na baya suka ɗago kai su ga me ake rabawa.

"Wa ya tsaya ya duba ko za ta iya ɗaukarsa kafin ya hau?"

Aka yi dariya, hannuwa suka sauka.

"Ba wanda ya duba. To akwai mai duba muku. Kuna wucewa ta sama, ita tana ƙasa, wani lokaci a cikin ruwa har gwiwa. Shekara goma sha takwas tana wannan aiki. Ta taɓa sa an rufe wata gada ana tsakiyar zirga-zirga, direbobi suka yi ta zaginta, bayan kwana tara wani ɓangaren gadar ya rufta, babu kowa a kai. Abin da ya gaya mata yana cikin jakar can. Ni ban san yadda take yi ba, yau zan gani tare da ku."

Na faɗi sunanta, daidai yadda ta koya mini, na fara tafi, na koma gefe. Wannan karon ɗakin ya amsa.

Ba ta gaida kowa ba, Allah ya saka mata. Ta zazzage jakar a kan fararen ledojin Ƙamus, ta ɗaga guntayen kankaren biyu ta ce wanne ne lafiyayye. Yara suka ce duk ɗaya ne. Ta ce kowa ya rufe ido. Ta ƙwanƙwasa na farko da guduma, ya yi ƙara siririya, ƙal. Ta ƙwanƙwasa na biyu, ya ce kwaf, kamar an bugi kwali.

"Wanne za ku hau?"

Ɗari biyu suka ce, "Na farko!"

Ta juya na biyun ta nuna musu cikinsa. Ta ce ruwa ne ke shiga ta 'yar tsaga, ya sami rodin da ke ciki, rodi ya yi tsatsa. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, sai ya ture kankaren daga ciki, ya bar rami. Daga waje fes, ido ba ya gani, amma kunne yana ji. Ta ce wa zai gwada. Yaran da ko tambaya ba sa amsawa a ajina suka yi ta miƙa hannu har suna hawa benci. Ta ratsa su ta miƙa wa 'yar Ƙamus gudumar, ta ce ta zaɓi duk inda take so a ɗakin nan.

Yarinyar ta hau dandamali. Ta bugi ginshiƙin dama, ƙal. Ta zagaya ta bugi wanda ke bayan kujerar Shugaba. Kwaf.

Shugaba ya ja kujerarsa gaba a hankali, kamar dama can yana da niyyar yin hakan. Injiniya ta karɓi gudumar ta bi wurin da bugu, ta ce kada kowa ya tsorata, ga alama filasta ce ta saki, amma a sa a duba. Ta dubi yarinyar ta ce, "Kunnenki ya fi na wasu da nake aiki da su."

Nan ƙararrawa ta kaɗa. Na rufe ido ina jiran rugugin ƙafafu. 'Yan baya kaɗan suka fice, ba zan yi ƙarya in ce ba wanda ya motsa ba. Amma sauran suka yi dafifi a gaban tebur, kowa na son ya riƙe gudumar, ana tambayarta ko ta taɓa faɗawa ruwa, ko mace tana iya wannan karatu, ko sai an iya lissafi sosai. Ƙamus ya ɗauki makirufo yana jawabin godiya mai sassa uku, babu mai jin sa sai furannin roba.

Washegari na tarar da ambulan a kan teburina. Takardar tuhuma ce, Ƙamus ya sa hannu a madadin Shugaba. In yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa na yi watsi da rubutaccen jawabi mai hatimi, na kasa gaida manyan baƙi bisa tsari, na kuma tauye wa baƙuwa digiri uku a bainar jama'a. Na rubuta amsa layi biyu, na ce lokaci ne ya ƙure, ina neman afuwa. Aka dawo mini da ita wai ta yi gajarta.

Ni dai fom nake jira. Ranar Alhamis yara uku suka kawo, iyayensu sun sa hannu, muka zama sha biyu. Safiyar Juma'a biyu suka ƙaru. Sha huɗu. Wasu da yawa sun zo sun ce suna so, amma an ce musu a gida kada su ɗauko abin da ya fi ƙarfinsu. Ƙarfe goma sha biyu za a rufe rajista a aika ma'aikata. Sha ɗaya da rabi ina zaune a ɗakin gwaje-gwaje, na ƙirga fom ɗin nan ya fi sau goma ko Allah zai sa biyu sun manne. Na dubi kwalaben da ke jere a kanta, na fara tunanin kwalayen da zan zuba su. Mutum ɗaya tak ya rage.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙamus ne, da fayil a hammata. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, amsar tuhumar ce? Ina kan faɗaɗa ta."

Ya shigo yana kallon ɗakin kamar bai taɓa ganinsa ba, kuma ina jin bai taɓa ba ɗin. Ya ja kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Malam, kwana biyu ke nan ba a huta a gidana ba. 'Yata ta ɗauki cokali ta bi bangon gidan kaf tana bugu. Ta gano wuri uku a falo, ta zagaye su da alli. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Shekara goma sha huɗu ina yi wa yarinyar nan magana, ban taɓa jin ta tambaye ni sai me ya faru ba. Jiya ta zaunar da ni ta yi mini bayanin tsatsa. Na gane kuwa."

Ya buɗe fayil ɗin ya zaro fom. An soke "adabi" da layi ɗaya mai kyau, da rula, an rubuta "kimiyya" a sama, ga sa hannunsa a ƙasa mai kama da sarƙa. Ya ɗora a kan sha huɗun nan. Na jira jawabi, don na ga ya ja numfashi irin wanda yake ja kafin ya gaida mutum goma sha huɗu. Bakinsa ya motsa, ya sake motsawa.

Ya ce, "Ga ta nan. Ka kula mini da ita."

Ya miƙe da ƙyar daga 'yar kujerar. Sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo, ya mayar da tabaransa.

"Amsar tuhumar kuma ina jira. Kada ta gaza shafi biyu."